Mutum nawa zan ɗauka in su ɗin ne zan auna kafin shiri da bayansa?

"Salamu alaikum Malam. Ina rubuta furofozal ɗin digirina na biyu, zan auna hawan jinin mutane kafin su fara shirin motsa jiki na wata uku sannan in sake auna su in sun gama. Na yi lissafi da SD 15 da bambancin 5 mmHg, ya ba ni mutum 142 a kowane rukuni, amma abokiyar karatuna ta ce 45 sun ishe ni tunda mutane ɗaya ne zan auna sau biyu, wai saboda alaƙar awon farko da na biyu. Wanne ne daidai, kuma ta yaya alaƙa za ta rage yawan mutane?"

Wa alaikumus salam Malama. Ke da abokiyarki babu wadda ta yi kuskuren lissafi, tambayoyi biyu daban kuka amsa. 142 ɗin naki na wanda zai kwatanta rukuni biyu ne na mutane daban-daban, wannan rukunin ya yi motsa jiki wancan bai yi ba. Nata kuma na irin tsarinki ne, sai dai akwai wata lamba da ta saka a ciki ba ta faɗa miki ba, ta ɗauka alaƙar awon farko da na biyu ta kai 0.7. In ta kai ɗin, 45 daidai ne. In 0.5 ce, mutum 73 kike buƙata, in kuma 0.3 ce sai kin haura ɗari. Don haka abin da za ki kare a gaban sufabaiza ba 45 ba ne, wannan 0.7 ɗin ce, daga ina ta fito.

Kowa shi ne ma'aunin kansa

Mu ajiye fomula tukuna, mu kalli mutum biyar da na ƙirƙiro don misali kawai. Lambar sama ta hawan jininsu kafin shiri da bayansa:

```
mutum    kafin   bayan   raguwa
1        128     124     4
2        141     134     7
3        150     147     3
4        163     156     7
5        172     168     4
```

Dubi layin "kafin", daga 128 har 172, tazarar 44 kenan, SD ɗinsa wajen 17.4. Layin "bayan" ma haka, wajen 17.4. In da za a ba ki layukan biyu a matsayin na mutane goma daban, a ce ki gano ko akwai bambancin 5 tsakaninsu, za ki ce kai wannan ai ba zai ganu ba, bambancin 5 ya nutse a cikin warwatsuwar 17. Amma yanzu dubi layin ƙarshe: 4, 7, 3, 7, 4. Matsakaicinsu 5, SD ɗinsu 1.9 kacal, kuma duk su biyar ɗin ƙasa suka yi. Kin ga abin ya fito fili ko ba a yi wani gwaji ba.

Me ya faru? Mutum na biyar jininsa a sama yake saboda shekarunsa, ƙibarsa, gadonsa, ƙodarsa, duk abubuwan da suka sa shi ya zama shi. Waɗannan abubuwan suna cikin 172 ɗin, suna kuma cikin 168 ɗin, da kika debe ɗaya daga ɗaya sai suka tafi tare, abin da ya rage shine canjin da ya samu da ɗan kuskuren awo. Alaƙa da ake magana ba wani abu ba ne illa wannan: wanda yake sama a farko ya zauna a sama a na biyu, wanda yake ƙasa ya zauna a ƙasa. A teburin nan jerin bai canza ba ko kaɗan, alaƙar ta kai 0.99.

Yanzu bari in dagula layin "bayan" ba tare da na canza ko lamba ɗaya ba, wurin zamansu kawai zan sauya. Na farko ya tashi daga 128 zuwa 147, na biyu 141 zuwa 168, na uku 150 zuwa 124, na huɗu 163 zuwa 134, na biyar 172 zuwa 156. Matsakaicin kafin bai motsa ba, na bayan bai motsa ba, SD ɗin kowane layi yana nan 17.4, matsakaicin raguwa ma har yanzu 5 ne. Amma raguwar kowane mutum ta koma -19, -27, 26, 29, 16, SD ɗinta ya tashi daga 1.9 ya koma 26. Alaƙar ta faɗo kusa da sifili. Lambobi iri ɗaya, teburin da za a buga a mujalla na matsakaici da SD iri ɗaya sak, amma na farko da mutane kaɗan za a gane canjin, na biyu kuwa sai an tara jama'a. Shi ya sa duk wanda ya ba ki SD na kafin da na bayan kaɗai bai ba ki abin da za ki yi lissafin tsarin biyu-biyu da shi ba.

Akwai misali na gaske da za ki iya gwadawa da hannunki. A cikin manhajar lissafi ta R akwai data mai suna `sleep`, ita ce William Gosset ya yi amfani da ita a 1908 lokacin da ya fito da gwajin t yana rubutu da sunan Student. Mutum 10 ne, kowannensu an gwada masa magungunan barci biyu, aka rubuta ƙarin awannin barcin da ya samu. Bambancin matsakaici awa 1.58 ne. In kika yi gwajin kamar rukuni biyu ne daban, p tana fitowa wajen 0.08, ba a ga komai ba. In kika haɗa kowane mutum da kansa, p ta koma wajen 0.003, saboda alaƙar tana kusa da 0.8, SD na kowane magani yana wajen 1.8 da 2.0 amma SD na bambancin 1.23 ne kawai. Ba kafin da bayan ba ne kamar naki, amma lissafin ɗaya ne.

Lissafin naki, mataki-mataki

Fomulolin biyu ne, na farko yana ba ki SD na bambanci, na biyu yana ba ki yawan mutane:

```
SDd = sqrt(s1^2 + s2^2 - 2*r*s1*s2)
n   = (1.96 + 0.84)^2 * SDd^2 / D^2
```

`s1` da `s2` su ne SD na kafin da na bayan, `r` ita ce alaƙa, `D` shine bambancin da kike so kar ya wuce ki in yana nan, wato 5. Lambar 1.96 ta matakin 0.05 ce mai gefe biyu, 0.84 kuma ta ƙarfin gwaji kashi 80 cikin 100, in kin haɗa su kika ninka da kansu za ki samu wajen 7.85. In kwamiti suka ce sai kashi 90, sai 0.84 ta koma 1.28, 7.85 ta koma 10.5, mutane su ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku.

In mun ɗauka SD 15 ne kafin da bayan, na farkon ya sauƙaƙa ya koma `SDd^2 = 2 * 225 * (1 - r)`, wato 450 sau abin da ya rage in an cire r daga 1. Toh saka 0.7: 450 sau 0.3 ya ba da 135, saiwarsa 11.6, shine SD na bambanci. Sai 7.85 sau 135 raba 25, ya ba da 42.4. Ina 45 ta fito kenan? Fomular nan ta ɗauka kin san SD tabbas, alhali ƙiyasta shi za ki yi daga data ɗinki kuma gwajin t za ki yi, wanda ya fi tsauri kaɗan in mutane ba su da yawa. Gyaran da ake yi da hannu shine a ƙara kusan 2, ya zama 44.4, a ɗaga zuwa 45. Kullum sama ake ɗagawa. Wannan ƙarin 2 ɗin ba komai ba ne a wajen mai mutum 150, amma a wajen wanda lissafinsa ya ba da 14 babban abu ne, kar ki bar shi.

Ga yadda yake tafiya in alaƙa na canzawa, komai kuma yana nan yadda yake:

```
r      SDd     n
0      21.2    144
0.3    17.7    101
0.5    15.0    73
0.6    13.4    59
0.7    11.6    45
0.8    9.5     31
0.9    6.7     17
```

Ki lura da layin farko, in babu alaƙa sam kin dawo kusan kan 142 ɗin da kika fara samu, sai dai nan mutum 144 ne gaba ɗaya ana auna kowa sau biyu, can kuma 142 sau biyu ne, 284. Sannan ki lura kowane 0.1 da alaƙa ta ƙaru yana cire miki mutum 14, daga sama har ƙasa haka yake tafiya. Mutum 14 daga cikin 144 ba a ji, amma daga cikin 45 kusan kashi ɗaya cikin uku ne, daga cikin 31 kuwa kusan rabi. Ma'ana duk sanda kika dogara da alaƙa mai ƙarfi, ƙaramin kuskure a hasashenta yana yi miki babbar ɓarna.

A R haka za ki rubuta:

```r
power.t.test(delta = 5, sd = 11.62, power = 0.8,
             sig.level = 0.05, type = "paired")
```

Zai ba ki n na 44 da ɗigo wani abu, kuma a ƙasan amsar zai rubuta miki gargaɗi cewa n adadin biyu-biyu ne, `sd` kuma na bambanci ne. Mutane ba sa karanta wannan layin. Abin da na fi cin karo da shi a furofozal ɗin ɗalibai shine su zaɓi `paired` amma su saka 15 a wurin `sd`, kwamfuta ta ba su 73, su rubuta ba su san sun ɗauki alaƙar 0.5 ba, don a daidai 0.5 ne kaɗai SD na bambanci yake zama daidai da SD na awon kansa. In G*Power kike amfani da shi tarkon ɗaya ne da wani suna. Ki zaɓi `Means: Difference between two dependent means (matched pairs)`, akwatin da zai buɗe `Effect size dz` yake nema, wato 5 raba 11.6, 0.43, ba 5 raba 15 ba. In kin danna `Determine` zai ba ki wurin saka matsakaici biyu, SD biyu da alaƙa, ya lissafa da kansa, wannan ya fi aminci.

Daga ina za a samo alaƙar

Nan ne aikin yake, kuma nan ne zan fi daɗewa. Masu buga bincike ba su cika rubuta alaƙar kafin da bayan ba, amma sau da yawa suna barin abin da za a zaƙulo ta da shi. Ki nemi binciken da ya yi kama da naki, irin mutanenki, irin na'urar awo, tazarar lokaci kusa da wata uku, ki duba ko sun rubuta matsakaicin canji tare da SD ɗinsa. In sun rubuta, kin gama, wannan SD ɗin shine SDd, ki saka shi kai tsaye, ba ki ma buƙatar r. Ni dai ra'ayina ya fi kyau a riƙa neman SDd ɗin da a riƙa neman r, zan faɗi dalili nan gaba kaɗan.

In ba su ba da SD na canji ba amma sun ba da tazarar amincewa ta kashi 95, ana komawa baya. A ce wata takarda mai mutum 40 ta rubuta raguwa 6, tazara daga 2 zuwa 10. Faɗin tazarar 8 ne. Ki raba shi da 2 sau ƙimar t ta mutum 40, wadda take wajen 2.02, za ki samu 1.98, shine SE, wato kuskuren ƙiyasin matsakaici. Ki ninka shi da saiwar 40, wato 6.32, ya ba ki SDd na wajen 12.5. Da wannan, 7.85 sau 156.25 raba 25 ya ba da 49.1, ƙara 2 da ɗagawa sama, mutum 52. In kina son ganin alaƙar da ke ɓoye a ciki, `r = 1 - 156/450`, wajen 0.65. Ki dai tabbatar tazarar ta canjin cikin mutum ce daga gwajin biyu-biyu, ba ta bambancin rukuni biyu ba, kuma ki kula kar ki ɗauki SE a matsayin SD, in kika ga "SD" na canjin hawan jini ya zama 2 ko ƙasa a mutanen gaske toh kusan tabbas SE ne aka rubuta.

Wasu za su ce miki ki yi ƙaramin gwaji na share fage ki samo r da kanki. Yana da amfani wajen koyon yadda awo zai gudana, amma kar ki ba lambar da ya fitar amana da yawa. In kin auna mutum 15 sau biyu kika samu 0.7, tazarar amincewar wannan 0.7 ɗin tana tashi daga wajen 0.29 har 0.89. Ki mayar da su teburin can ki gani, daga mutum 18 kenan zuwa sama da 100. Gwajin share fagen bai ce miki 45 ba, cewa ya yi wani wuri tsakanin waɗannan biyun. Kuma in kin yi shi da tazarar sati ɗaya don sauri, ba alaƙar wata uku kika auna ba.

Wannan ya kawo mu abubuwan da ke karya alaƙa. Na farko shine lokaci, awo biyu da aka yi rana ɗaya sun fi kama da juna fiye da waɗanda wata uku ya raba, a tsakani wani ya canza magani, wani ya rame, wani ya shiga damuwa. Saboda haka lambar da za ki gani a takardun gwajin ingancin na'ura, inda ake auna mutum a sake auna shi bayan mintuna, ba taki ba ce, ta yi yawa. Na biyu shirin naki da kansa: in motsa jikin ya sauke wa wasu 15 wasu kuma ko gezau, wannan bambancin amsawar yana shiga cikin SDd ya faɗaɗa shi, ko da awonki ba shi da aibi.

Na uku shine wanda ya fi yaudara, shine kuma dalilin da na ce a nemi SDd. In kin taƙaita masu shiga, a ce sai wanda jininsa ke tsakanin 140 da 159, kin matse bambancin da ke tsakanin mutane, alaƙa kuma da wannan bambancin take rayuwa, sai ta faɗi. A irin wannan rukunin SD na awon farko ƙarami ne, r ma ƙarama ce. A jama'a gaba ɗaya kuwa SD babba ne, r ma babba. Ɗalibi mai neman rage wa kansa aiki sai ya ɗauko ƙaramin SD daga takardar da ta taƙaita mutane, ya ɗauko babbar r daga takardar jama'a gaba ɗaya, ya haɗa, ya samu mutum goma sha wani abu yana murna. Wannan haɗin babu shi a zahiri. SD da r daga irin mutane ɗaya za su fito, in ba haka ba lissafin banza ne. Ki tambayi abokiyarki 0.7 ɗinta da 15 ɗinki ko daga wuri ɗaya suke.

Abin daɗin shine akwai ɓangaren alaƙar da yake hannunki, wato kuskuren awo. Hawan jini yana tsalle daga minti zuwa minti, in kin ɗauki awo ɗaya tak a kowace ziyara duk wannan tsallen yana shiga bambancin sau biyu, na farko da na ƙarshe. Ki sa mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa daidai da zuciya, ki yi awo biyu ko uku ki ɗauki matsakaici, na'ura ɗaya, hannu ɗaya, maɗaurin da ya yi daidai da kaurin damtsensa, kuma lokacin yini ɗaya a ziyarar farko da ta ƙarshe. In wannan ya ɗaga miki alaƙa daga 0.6 zuwa 0.7, kin rage wa kanki neman mutum 14 da bibiyarsu wata uku, a kan ƙarin 'yan mintuna ga kowane mutum.

In hasashen ya kuskure fa

A ce kin tafi da 45, aka gama aiki sai alaƙar ta fito 0.5. Ƙarfin gwajinki ba kashi 80 ba ne kuma, ya sauko wajen kashi 59. Wato ko da shirin yana sauke jini da 5 ɗin da gaske, kusan sau huɗu cikin goma za ki ƙare da p da ta haura 0.05 ki rubuta cewa ba a samu bambanci ba. Kuma ba za ki sani ba sai bayan an gama awo na biyu, lokacin da gyara ya wuce. In kuwa akasin haka ne, kin shirya da 0.5 ta fito 0.7, asararki ƙarin mutum 28 ne da kuɗinsu, sakamakonki kuma ya fi kaifi. Kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Shi ya sa in kin samu takardu da ke nuna wajen 0.65 zuwa 0.7, ni zan shirya da 0.6, mutum 59. In ba ki samu komai ba sam, 0.5 ce ake yawan ɗauka, kuma ki rubuta ƙarara cewa zato ne, ki saka ɗan teburi irin na sama a furofozal ɗin don mai dubawa ya ga kin san abin da zai faru in zaton ya goce.

Sai masu ɓacewa. A tsarin biyu-biyu wanda bai dawo awo na biyu ba awonsa na farko ma ya tashi a banza a gwajin t, don babu abin da za a debe. 59 ɗin masu kammalawa ne. In kina tsammanin kashi 15 cikin 100 za su zille, ki raba 59 da 0.85, ya ba da 69.4, ki ɗauki 70. Rabawa ake yi, in kika ƙara kashi 15 a kai za ki samu 68, in 15 cikin 100 nasu suka tafi sai ki sauka ƙasa da 59. Sannan ƙarin mutane yana cike gurbin lamba ne kawai, in waɗanda suka daina zuwa su ne waɗanda motsa jikin ya fi wahalarwa ko bai yi musu aiki ba, waɗanda suka rage za su nuna sakamakon da ya fi gaskiya kyau, ko nawa kika ɗauka.

Abin da yawan mutane ba zai gyara ba

Akwai matsalar da sai na faɗa miki ko da ba ita kika tambaya ba, don ita ma daga wannan r ɗin take fitowa. In kin zaɓi mutane saboda awonsu na farko ya yi sama, wasu daga cikinsu ranar ce kawai ta zo musu da hawa, in aka sake aunawa za su sauko kusa da inda suka saba ko ba a yi musu komai ba. Ana iya ƙiyasta girmansa. A ce matsakaicin jama'ar da kika tace 130 ne, waɗanda kika zaɓa matsakaicinsu 150, alaƙa 0.7. Abin da ake tsammani a awo na biyu shine `130 + 0.7 * 20`, wato 144. Raguwar 6 kenan ba tare da kowa ya ɗaga ƙafa ba, ta ma fi 5 ɗin da kike nema. Gwajin t zai ba ki p mai kyau, kuma ƙarin mutane ƙara mata kyau zai yi, amma ba motsa jiki ta auna ba. Ƙaramin magani shine ki raba awon tacewa da awon farawa, ki tace su yau, ki kira su wata rana ki ɗauki awon da za ki kira "kafin". Yana rage matsalar sosai amma bai taɓa sauran abubuwan da wata uku ke kawowa ba, kamar sabawa da na'ura ko fara shan magani a kan kari don an san ana bibiya.

Cikakken magani shine rukunin kwatance da aka raba ta hanyar ƙuri'a, su ma a auna su kafin da bayan. Alaƙa tana taimakawa a nan ma, amma lissafin ya canza kuma 45 ta tashi daga aiki. In za ki kwatanta canjin wannan rukunin da na wancan, 141.3 ɗin asali, wanda kika ɗaga ya zama 142, za ki ninka da `2 * (1 - r)`, a 0.7 ya ba da wajen 85 a kowane rukuni. In kuma za ki kwatanta awon ƙarshe kina gyarawa da awon farko, abin da ake kira ANCOVA, da `1 - r^2` za ki ninka, 0.51, ya ba da wajen 73 a kowane rukuni, 146 gaba ɗaya maimakon 284. Kwatanta canji yana da riba ne kawai in r ta haura 0.5, in ta gaza haka gara ma a kwatanta awon ƙarshe kaɗai, ANCOVA kuwa ba ta sa ki asara a kowace r, shi ya sa ita nake zaɓa in akwai rukuni biyu.

Duk abin da na lissafa na awo ne mai lamba irin mmHg, wanda bambancinsa bai karkace sosai gefe ɗaya ba. In kika canza shawara kika mayar da sakamakon "jini ya daidaita" ko "bai daidaita ba", gwajin McNemar ne, shi kuma yawan waɗanda suka sauya matsayi yake kallo, fomularsa daban ce. In kuma daga cibiyoyi da yawa za ki kwaso mutane ko a rukuni-rukuni za su riƙa motsa jikin, akwai wani ƙarin da ake yi saboda kamannin 'yan rukuni ɗaya, wannan sai an ga tsarin kafin a ce nawa. In rukuni ɗaya ne a wuri ɗaya kamar yadda kika bayyana, ki samo SD na canji daga takarda biyu ko uku masu tazarar kusan wata uku, ki ɗauki mafi girma a cikinsu ki saka a `sd`, abin da ya fito ki raba da kason waɗanda kike sa ran za su kammala.